Amya uku a gefen gona kusa da Mai Wurno: rajistar aiki daga kafawa zuwa zumar farko

12 ga Satumba, 2021

Wurin da aka ware wa zuman bai fi taku goma a tsawo da taku shida a faɗi ba, a kusurwar wata gonar lemun tsami da ke kudu da Mai Wurno a ƙasar Sudan, tsakanin hanya da bakin kogi. Akwai bishiyar darbejiya babba da ke rufe wurin da inuwa tun daga hantsi har la'asar, ga kurna da yawa a kan iyakokin gonaki, ga kurmin bagaruwa a fadamar kogi, sannan can gabas akwai dushe, wanda a nan aka fi sani da ɗalha. Ƙudan zuma na iya yin kilomita 2 zuwa 3 wajen kiwo, saboda haka ƙanƙantar filin ba matsala ba ce. Abin dubawa shi ne itatuwan da ke kewaye, da inuwa, da nisa daga mutane. Gida mafi kusa yana da tazarar kusan mita 150, kuma mun roƙi maƙwabta kada a ɗaure jaki ko akuya a wannan ɓangaren, don dabbar da ke ɗaure ba ta iya gudu idan zuma ya tashi mata.

Mun zaɓi amyar katako mai sanduna a sama, irin ta Kenya, ba mai firam ba. Dalilin kuɗi ne da sauƙin gyara: kowane kafinta zai iya yin ta, ba ta buƙatar waya, ba ta buƙatar faranten kaki da ake shigowa da su, kuma ba a buƙatar injin tatsa. Awon da aka ba kafinta shi ne: tsawon ciki santimita 90, faɗin sama 44, faɗin ƙasa 19, zurfi 25, katako mai kaurin santimita 2 da rabi. Zurfin mun rage shi da gangan, domin saƙa mai tsawo tana yin nauyi, kuma a zafin Afrilu ita ce ke fara tsinkewa.

Awo ɗaya ne ba a yi wa sassauci: faɗin kowace sanda milimita 32. Shi ne tazarar da zuman ƙasarmu ke bari daga tsakiyar saƙa zuwa tsakiyar ta kusa da ita. Idan sandar ta kai 35 ko 36, kamar yadda ake yi wa zuman Turai mai girman jiki, saƙar za ta riƙa zamewa kaɗan-kaɗan har a sanda ta shida ko ta bakwai a tarar da saƙa ɗaya ta kama sanduna biyu. Sanduna 28 ke cika amya ɗaya. An auna su ɗaya bayan ɗaya a gaban kafinta kafin a biya shi.

20 ga Satumba, 2021

Lissafin kuɗi. Tun da aka karya darajar jine, kuɗin Sudan, a Fabrairun bana, daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, farashi bai zauna wuri guda ba, kuma duk adadin da aka rubuta yau zai zama ba shi da ma'ana nan da wata shida. Shi ya sa muke rubuta kowane kashe-kashe da ratal na zuma, wato nawa ne zuman da kuɗin zai saya a kasuwar Sinnar a ranar. Ratal ɗaya kusan giram 450 ne.

Amya uku da sandunansu da murfin kwano sun ci kimanin ratal 24. Ƙafafun ƙarfe uku daga wajen mai walda, ratal 9. Gwangwanin hayaƙi mai zuga-zugi, ratal 5. Hular raga biyu, waɗanda tela ya ɗinka da malfa da baƙin gidan sauro, ratal 4. Baƙi ake so, don farar raga tana ɗauke ido a rana. Safar hannu da takalman roba, ratal 5. Kaki na tarko, ratal 2. Bokiti biyu masu murfi da ƙyallen tata, ratal 3. Jimla ratal 52, wato kusan kilo 23 na zuma. Ba a sa kuɗin zana da aka kewaye wurin da ita ba, domin a gonar aka saƙa ta. Tsayinta mita 2, kuma amfaninta shi ne ta tilasta wa ƙudan tashi sama da kan mutum tun daga ƙofarsu.

Babu kuɗin sayen ƙudan a lissafin. Ana shigo da zuman Masar a akwati, yana da sanyin hali, amma yana da tsada kuma yana wahala a bazararmu. Mun zaɓi mu kafa tarko mu jira na daji, wanda ya fi faɗa, ya fi saurin ƙaura, amma ya san zafin ƙasar.

26 ga Satumba, 2021

An ɗana tarko. A ƙarƙashin kowace sanda akwai tsagi a tsakiya, an zuba narkakken kaki a ciki ya yi siririn layi mai tsayin milimita 3 zuwa 5. Daga wannan layin zuma zai fara saƙa, kuma idan layin ya karkace saƙar ma za ta karkace. An goge cikin amya da kaki mai ɗumi da ɗanyen ganyen lemun tsami. Ba a sa zuma ko sukari a tarko, tururuwa kawai suke kira.

Amya mai sanduna 28 tana da faɗin ciki kusan lita 70, abin da ya yi wa sabon taro yawa. An sa allon raba ɗaki bayan sanda ta 12, ya rage musu kamar lita 30. Ƙofa ramuka shida ce masu faɗin milimita 9 a goshin amya, tana kallon gabas. An ɗora kowace a kan ƙafa mai tsayin santimita 70, an daidaita ta da ma'aunin magina, domin zuma yana saƙa ne a miƙe zuwa ƙasa ko da amyar ta karkace. Kowace ƙafa tana tsaye cikin gwangwanin madara da aka zuba wa baƙin mai.

19 ga Oktoba, 2021

Taro ya shiga amya ta ɗaya. Kwanaki kafin haka an ga 'yan leƙen asiri suna shiga suna fita, suna zagaya amyar suna duba kowace kafa, yawansu yana ƙaruwa. Wannan ita ce alamar da ta fi tabbas. Ƙarshen damina ne lokacin da zuma ke rabuwa a nan, sa'ad da kurna ta fara fure.

Ba za a buɗe ba sai an yi aƙalla mako uku. Sabon taro ba shi da ƙwai, ba shi da saƙa, ba shi da abin da zai riƙe shi, kuma hayaƙi ɗaya ko ɗaga murfi ɗaya ya isa ya sa ya tashi. A wannan lokacin daga ƙofa ake karanta amya: idan ma'aikata sun fara dawowa da ƙullin garin fure a ƙafafunsu na baya, rawaya ko ruwan toka, to sarauniya ta fara ƙwai kuma akwai tsutsar da ake ciyarwa.

6 ga Nuwamba, 2021

Amya ta biyu ta kama, taron ƙarami ne. Ta uku shiru.

21 ga Nuwamba, 2021

Buɗewar farko ta amya ta ɗaya, da yamma bayan la'asar sakaliya. Makamashin hayaƙi busasshen kashin shanu ne da ɓawon masara, kuma sai hayaƙin ya yi fari ya yi sanyi a bayan hannu ake amfani da shi. Ana hura sau uku a ƙofa, a dakata minti biyu, sannan a fara daga baya, wajen allon raba ɗaki. Ƙwanƙwasa sanduna da bayan wuƙa yana nuna inda saƙa ta tsaya, don sandar da ba komai a jikinta ƙararta daban ce.

An samu saƙa bakwai. Ta fari daga ƙofa garin fure ne da ɗan zuma. Huɗu na tsakiya 'ya'ya ne: rufaffu masu murfi ruwan ƙasa a tsakiya, fararen tsutsotsi a naɗe kewaye da su, sai ƙwai a gefe, kowanne a tsaye shi kaɗai a gindin raminsa. Ba a ga sarauniya ba kuma ba a neme ta ba. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa ne a kwana 3, saboda haka ganin ƙwai ya nuna tana nan cikin kwana ukun da suka wuce. Daga ƙwai zuwa fitowar ma'aikaciya kusan kwana 20 ne, kuma sai ta yi kamar mako uku tana aikin ciki kafin ta fara fita kiwo. Wato ƙwan da aka gani yau ba zai kawo ruwan fure ba sai farkon Janairu, bayan kurna ta gama. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa taron da ya shiga a Oktoba ba ya ba da zumar kurna a shekararsa.

Saƙa ta shida ta fara lanƙwasa a ƙarshenta ta kama sanda ta bakwai. An yanke inda ta kama, an tura ta da yatsa ta koma layi, an sa ta tsakanin miƙaƙƙu biyu. Sabon kaki yana lanƙwasuwa cikin sauƙi. Idan aka bar shi wata guda, sai an fasa saƙa uku kafin a gyara ɗaya. Kuma saƙar wannan amya ba a taɓa kwantar da ita. A tsaye ake riƙe ta, idan za a duba ɗaya fuskar a juya ta kamar sitiyari, in ba haka ba ta ɓalle daga sanda.

15 ga Janairu, 2022

An matsar da allon raba ɗaki na amya ta ɗaya zuwa sanda ta 18. Ta uku ta kama a ƙarshen Disamba, taro ɗan ƙarami da bai fi cikin ƙwarya ba. Taron da ya zo a makare irin wannan yawanci ƙaura ya yi daga wani wuri, ba rabuwa ba, kuma shi ne mai wuyar riƙewa.

27 ga Fabrairu, 2022

Ɗalha ta yi fure, amya ta ɗaya ta kai saƙa 15, huɗu na baya cike da zuma, biyu daga ciki a rufe. Ta biyu tana da saƙa 10, ta uku 5.

A nan ne mafi yawan masu farawa ke yanka, kuma a ganinmu a nan ake asarar amya. Ba mu taɓa ko ɗaya ba. Dalili na farko, abin da ke gaba: daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwa a Yuni, in ban da furen darbejiya da ɗan abin da ke lambunan bakin kogi, daji a bushe yake, kuma waɗannan saƙa huɗu su ne abincin taron na wata uku. Na biyu, tsadar kaki: zuma yana cin kamar kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin ya fitar da kilo ɗaya na kaki, kuma a wannan irin amya duk saƙar da aka yanka ta tafi ke nan, sai an sake gina ta. A shekarar farko yawancin abin da suka kwaso saƙa ya zama. Wanda ya yanke a Fabrairu zai sami kilo 4 ko 5, sannan a Mayu ya tarar da akwati babu kowa.

10 ga Afrilu, 2022

Zafin rana ya wuce digiri 40 kusan kullum. Zuma yana riƙe ɗakin 'ya'ya a kan digiri 34 zuwa 35, kuma idan waje ya fi haka zafi, ruwa yake kwasowa ya shafa a bakin ramuka ya yi ta fifita da fukafukai. Kaki ba ya narkewa sai digiri 62 zuwa 64, amma tun kafin nan yake laushi, kuma saƙa mai kilo biyu da ta yi laushi tana tsinkewa daga sanda ta faɗa kan 'yan'uwanta. Alamar ita ce zuma yana ɗiga daga ƙofa ko daga gindin amya, tururuwa sun taru a ƙasa.

Abin da aka yi: an ɗaga murfin kwano da 'yan katakai biyu ya bar tazarar yatsu huɗu a kan sanduna, an shimfiɗa buhun algarara a kan sandunan, an ɗora guntun zana a kan kwanon. Inda inuwar darbejiya ke janyewa bayan la'asar an yi rumfa a yamma. An ajiye kasko biyu na ruwa a cikin shinge, cike da tsakuwa har ta fito saman ruwan don ƙudan su sami wurin tsayawa, ana cika su safe da yamma. Taro mai ƙarfi yana iya shan lita ɗaya ko fiye a rana. Ruwan nan bai kamata ya yanke ko yini ɗaya ba, domin idan suka koma randar maƙwabta ko kwamin shan dabbobi, da wuya a dawo da su, kuma daga nan ake fara kai ƙara wajen mai unguwa. Daga yanzu har damina ba a buɗe amya da rana.

18 ga Mayu, 2022

Amya ta uku ta tashi. Saƙa biyar suna nan, babu zuma ko ɗigo, babu 'ya'ya rufaffu, babu gawa. Haka ƙaurar yunwa take: sarauniya ta daina ƙwai, su jira rufaffun su fito, su shanye abin da ya rage, su tafi gaba ɗaya. Alamarta tana bayyana kusan mako biyu kafin tafiya, idan aka daina ganin garin fure a ƙofa kuma zirga-zirga ta ragu. An ba ta ruwan sukari tun farkon wata, amma taro mai saƙa biyar ba shi da yawan da zai yi aikin ruwa da fifita da tsaro lokaci guda.

Akwai abu na biyu da ya taimaka. Guguwar habub ta makon jiya ta zuba ƙura a gwangwanayen baƙin mai har ta yi ɓawo a sama, kiyashi suka taka suka hau. Bayan kowace guguwa sai an motsa man da tsinke, an kuma cire duk ciyawa ko reshe da ya taɓa amya. A saƙa biyu an ga farar yana da ramuka da baƙin kashi ƙanana, aikin tsutsar asun kaki, wadda ke cin saƙar da ba mai tsaronta. An yanke duka biyar an narkar, an babbaka cikin akwatin da harshen wuta, an sake shafa kaki an rufe.

Sauran biyun ana ba su ruwan sukari, kilo ɗaya na sukari a lita ɗaya na ruwa, rabin lita kowace amya, da magariba, a cikin amya bayan saƙa ta ƙarshe, a kwano mai ƙirare a ciki. Fiye da haka yana tsami cikin kwana biyu a wannan zafin. Wanda aka ajiye a waje ko aka ba da rana yana jawo zuman wani wuri su zo fashi. Sukarin da aka saya kilo 6 ne, kamar ratal 2, jimlar kuɗi ta zama 54.

24 ga Yuli, 2022

Ruwa ya zauna, an daina ba da sukari. Bagaruwa da ciyayi sun yi fure, garin fure yana shiga da yawa. An ɗora duwatsu a kan murfi saboda iska, an sa wa gwangwanayen mai 'yar hula don kada ruwan sama ya cika su man ya malale. Ba a yanka zuman damina, ruwa ya yi masa yawa.

9 ga Oktoba, 2022

Kurna ta buɗe, ana jin ƙanshinta a bakin amya da dare. An cire allon raba ɗaki a ta ɗaya, mai saƙa 21; ta biyu tana da 16. An sa sanda marar komai tsakanin saƙar 'ya'ya ta ƙarshe da ta zuma ta farko, domin a nan suka fi saurin ginawa kuma ginin yana fitowa a miƙe.

An yi magana da masu lambun tumatir da kuɓewa na kusa su riƙa feshi da yamma bayan zuma ya koma, su kuma sanar kwana ɗaya kafin. Guba ana gane ta da tarin gawa a ƙofa lokaci ɗaya, harsuna a waje, wasu suna jan jiki suna rawa. Toshe ƙofa da raga yana taimakawa na 'yan sa'o'in safe kawai. Amyar da aka toshe yini guda a wannan ƙasar, zafi zai kashe ta kafin maganin.

27 ga Nuwamba, 2022

Yankan farko, wata 13 da shigar taro na ɗaya. An fara bayan sallar magariba, mutum biyu, ɗaya da hayaƙi ɗaya da wuƙa, fitila an rufe ta da jan ƙyalle saboda zuma yana bin farin haske. Daga baya ake farawa. Saƙar da za a yanka sai aƙalla kashi uku cikin huɗu nata yana rufe da farin kaki. Wadda ake shakka a kanta ana girgiza ta a kan amya, idan ta yi yayyafi a mayar. Zuman da ruwansa ya wuce kashi 20 cikin ɗari yana tsami, ya yi kumfa, ya kumbura jarka.

Ana kakkaɓe ƙudan da gashin tsuntsu ko damin ganye zuwa cikin amya, a yanke saƙar cikin bokiti a bar kamar santimita ɗaya a jikin sanda, a rufe bokitin nan take. Wannan ragowar ita ce layin da za su bi su sake gini. Ana tsayawa tun kafin a isa saƙar da ke da garin fure ko 'ya'ya, kuma an bar wa kowace amya saƙar zuma uku. Idan harbi ya samu mutum, a kankare ƙarin da farce, kada a matse shi, a hura hayaƙi a wurin don warinsa yana kiran sauran. Kumburin wuya ko sarƙewar numfashi kuwa maganar asibiti ce nan take.

Ta ɗaya ta ba da saƙa 7, ta biyu 4. Nauyinsu duka kilo 17 da rabi.

2 ga Disamba, 2022

An farfasa saƙar da muciya a daren da aka yanke ta, a ɗaki rufaffe, an juye a ƙyallen tata da aka ɗaure a bakin busasshen bokiti, an bar shi ya tsiyaye da kansa kwana biyu. Ba a ɗora shi a wuta ba, ba a shanya shi a rana ba. Wuta tana baƙanta zuma, tana kashe ƙanshin kurnar da saboda shi ake biyan kuɗinsa. Bayan ya ƙara kwana uku a rufe, an kwashe farar kumfa da ɓarɓashin kaki da suka taso, aka zuba a kwalabe busassu.

Tataccen zuma kilo 13, wato kusan ratal 29. Tukar an wanke ta, an narkar da ita cikin ruwa a tukunyar alminiyam ba tare da an bar ta ta tafasa ba, don baƙin ƙarfe yana ɓata launin kaki. An tace da buhu, an bar shi ya daskare, an kankare dattin ƙasansa, ya ba da kilo ɗaya. Rabi an ajiye na tarko. A kan ratal 54 da aka kashe, ratal 29 ya dawo, ban da kakin, kuma katako da ƙarfe da kayan sawa duk suna nan.

An mayar da sandunan da aka yanke a bayan saƙar zuma uku da aka bari. Amya ta uku ta sake kamawa a ranar 14 ga Nuwamba, taron ya fi na bara girma, kuma ba za a buɗe ta ba sai tsakiyar wannan wata. A Fabrairu, idan ɗalha ta yi kyau, za a yanki ta ɗaya kawai, kuma abin da ya haura saƙar zuma huɗu kaɗai za a ɗauka.